Me ake nufi da hinji mai tiri-di a kabad ɗin kicin?

Wanda ya je kasuwar Dei-Dei ko ta Kugbo a Abuja neman kayan haɗa kabad ɗin kicin zai ji mai shago yana tambayarsa: “Alhaji, gama-gari kake so ko mai tiri-di?” A jikin leda 3D ake rubutawa. Duka biyun hinjin ɓoye ne, wato wanda idan an rufe murfin kabad ba a ganin komai nasa daga waje. Kansa zagayayye ne kamar ɗan ƙaramin kofi, yana nutsewa cikin rami a bayan murfin, hannunsa kuma yana hawa kan wani ɗan faranti da aka ɗaure a cikin bangon kabad. Tiri-di na nufin bayan an gama ɗaurawa ana iya matsar da murfin ta fuska uku da sukundireba kawai: hagu da dama, ciki da waje, sama da ƙasa.

Sai dai a kula da na ukun. Kusan kowane hinjin ɓoye yana da sukurun gefe da na zurfi. A mai araha, idan za a ɗaga murfi ko a sauke shi, sai an sassauta sukurori biyun da suka riƙe faranti a jikin katako, a zame farantin ta dogayen ramukansa, a sake ɗaurewa. Mai tiri-di na gaske yana da sukuru na musamman a kan farantin, ana juya shi murfin ya hau ko ya sauka ba tare da an taɓa abin da ke cikin katako ba. Bambancin yana da nauyi a allon MDF da na garin katako, domin duk kwancewa da ɗaurewa tana cinye ramin sukuru, wata rana sai ya daina kamawa. Kafin ka biya, ka buɗe leda ɗaya ka duba farantin da idonka.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne iyakar wannan gyara. A yawancin hinjin, kowace fuska kusan milimita 2 take bayarwa nan, 2 can. Ba ta gyara ramin da aka huda a karkace, ba ta miƙar da kabad ɗin da ya zauna a kan tayil mai gangare. Saboda haka aikin gaske yana wurin awo da huda.

Mu ɗauki kabad na ƙasa mai faɗin milimita 800 da tsayin 720, allonsa mai kaurin 18, da murfi biyu da za su rufe fuskarsa gaba ɗaya. Ana barin tazarar 3 a tsakanin murafen biyu da ɗaya da rabi a kowane gefe, jimla 6. Idan an cire 6 daga 800 aka raba biyu, kowane murfi zai zama 397. A tsayi a bar 2 sama, 2 ƙasa, ya zama 716. Irin wannan murfi mai hawa kan bakin bango gaba ɗaya hinji mai miƙaƙƙen hannu yake so. Mai ɗan lanƙwasa na wurin da murfi biyu suke raba bango ɗaya ne, mai lanƙwasa sosai kuma na murfin da ke shigewa cikin kabad. Idan aka sayo wanda ba shi ba, babu juya sukurun da zai cece ka.

Ramin kofin faɗinsa milimita 35 ne, zurfinsa tsakanin 11 da rabi zuwa 13 gwargwadon hinjin. Ana huda shi da bakin huda mai shimfiɗaɗɗen gindi wanda aka yi don wannan aiki. A allo mai kaurin 18, ramin 12 ya bar 6 kacal, kuma tsinin da ke tsakiyar bakin hudar yana gaba da sauran. Kafinta ya danna da ƙarfi kaɗan, sai tsinin ya ɓullo ta fuskar murfi mai sheƙi, murfin ya tashi aiki. Shi ya sa ake naɗa selotef a jikin bakin a matsayin alama, ko a yi amfani da ma'aunin huda mai tsayar da shi. Idan allon mai kaurin 15 ko 16 ne, kamar yadda wasu suke sa wa don rage kuɗi, hankalin sai ya ninku.

Daga bakin murfi zuwa bakin rami ana barin tsakanin milimita 3 zuwa 6. A misalinmu 5 ya yi, wato tsakiyar ramin tana 22 da rabi daga baki, tunda rabin 35 shi ne 17 da rabi. Wannan tazara ita take yanke yawan hawan da murfi zai yi a kan bango: ƙara ta, murfi ya ƙara rufe bangon; rage ta, bangon ya ƙara fitowa. Idan ta yi yawa, bakin murfin zai riƙa gogar kabad ko murfin maƙwabcinsa wajen buɗewa. Kamfanoni irin su Blum da Hettich suna buga jadawalin wannan awo ga kowane hinjinsu. Na kasuwa marasa takarda kuwa, a huda guntun allo a gwada tukuna. Minti goma ne, kuma ya fi asarar murfi.

Murfi mai tsayin 716 hinji biyu sun ishe shi, kowanne tsakiyarsa milimita 100 daga sama ko daga ƙasa. Dogon murfin kabad na ajiye kayan abinci, mai kusan mita biyu, huɗu yake buƙata. Bayan an zura kofin a rami, a ɗora doguwar rula a jikin kunnuwan hinjin biyu don su daidaita a layi ɗaya kafin a sa sukuru. Hinjin da ya ɗan juya a raminsa yana ja da ɗan'uwansa duk lokacin da aka buɗe. Sukuru mai tsayin 16 ake sawa, bayan an fara ɗan huda masa hanya.

A bangon kabad, ramukan faranti suna milimita 37 daga bakin gaba, tsakaninsu kuma 32. A nan yaran shago suka fi yin kuskure: sai su auna 100 daga saman kabad kamar yadda suka auna a murfi, su manta murfin ya sauka da 2. Layin tsakiyar faranti 102 ne daga sama. Wanda ya sa 100 ya cinye duk gyaran sama da ƙasa tun bai rataya murfin ba.

An rataya, an rufe. Kafin a taɓa kowane sukuru, a ɗora ma'aunin lebur a kan kabad ɗin a tabbata ya zauna daidai, sannan a ja baya a kalli tazarar tsakiya daga sama har ƙasa. Ita ce take faɗin ciwon. A ce a sama ta matse zuwa ɗaya da rabi, a ƙasa ta buɗe zuwa huɗu da rabi, kuma kusurwar murfin dama ta wajen mariƙi ta sauka ƙasa da ta hagu. Uwargida za ta ce, “Malam, wannan ƙofar ta sauka,” yaro kuma ya ruga wajen sukurun ɗagawa. Ba nan matsalar take ba. Murfin karkacewa ya yi: kansa ya sunkuyo tsakiya, gindinsa ya ja baya. Idan aka ɗaga shi gaba ɗaya, kusurwar mariƙi za ta daidaita, ta wajen hinji ta haura ta kusa taɓa mabul ɗin saman kabad, tazarar tsakiya kuma tana nan yadda take.

Maganinsa sukurun gefe ne, wanda ya fi kusa da murfi a kan hannun hinji. Aikinsa ɗaga hannun daga faranti ko kwantar da shi. Hannu ya ɗagu, murfi ya matsa tsakiya. Ya kwanta, murfi ya koma wajen bango. A hinjin sama a mayar da murfin wajen bango da milimita 1, a na ƙasa a turo shi tsakiya da 1. Tsakanin hinjin biyu 516 ne, faɗin murfi 397, saboda haka wannan ɗan motsi zai ɗaga kusurwar mariƙi da kusan ɗaya da rabi, tazarar kuma ta dawo kusan 3 sama da ƙasa. Ɓangaren da ake juyawa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a yi rabin juyi, a rufe, a duba. Da hannu ake yi. Injin batir yana wuce gona da iri kafin ka ankara, ya kuma cinye kan sukurun.

Sai bayan murfin ya miƙe ake duba tsayi. Idan saman murafen biyu ba su yi layi ɗaya ba alhali tazarar tsakiya daidai take, to nan ne wurin sukurun sama da ƙasa, kuma dole a juya na hinjin biyu daidai wa daida. Aka juya ɗaya aka bar ɗaya, nauyin murfin duka ya koma kan hinji guda.

Sukurun baya shi ne na zurfi. Ana so a bar milimita 1 zuwa 2 tsakanin bayan murfi da bakin kabad ta wajen hinji. Idan ya manne sosai, gefen hinji zai riga dukan kabad, sai gefen mariƙi ya ƙi kwanciya, ka tura ya dawo. Mutane kan ɗora laifin a kan haidurolik ɗin da ke sa murfi rufewa a hankali, su sayo sabo, alhali fito da murfin waje kaɗan ne maganin. Idan kuma ya yi nisa, ƙura da kyankyaso sun samu hanya. In kusurwa ɗaya ce ta turo waje, a gyara zurfin hinji ɗaya kawai. Amma a fara ɗora rula a bayan murfin: idan allon ne da kansa ya murɗe, sukuru ba zai miƙar da shi ba.

A Abuja murfin katako zalla yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, don haka tazarar da aka saita a watan Agusta za ta ɗan buɗe a Janairu. Wannan rabin juyin sukurun gefe ne. Wanda ya fi wuya shi ne kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Idan murfi ya ci gaba da sauka kwana kaɗan bayan kowane gyara, a kama farantin a girgiza. In yana motsi, ramin sukurun ne ya lalace: a faɗaɗa shi, a buga ɗan turken katako da gam, a bari ya bushe, a sake hudawa. In kuwa allon ya sha ruwa ya kumbura har yana marmashewa a hannu, sai an tsayar da yoyon famfo an canza wannan bangon, ko a ɗaura farantin gyara na ƙarfe mai faɗi wanda sukurorinsa za su kama inda allon yake da sauran ƙarfi.