Tura kuɗi gida ta waya: amsoshin mai POS daga Tudun Wada

Malam, wace manhaja ce ta fi aminci?

Wadda ke da lasisin CBN, kuma NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya, ta tsaya wa kuɗin da ke cikinta. Shiga shafin CBN ka nemi sunan kamfanin da idonka, kada ka tsaya ga tambarin da suka liƙa a talla. OPay da PalmPay suna da lasisi, Moniepoint da Kuda ma haka, MoMo ta MTN da SmartCash ta Airtel su ma haka. Wadda wani ya turo maka ta WhatsApp ya ce ka sauke za a ba ka kyautar dubu biyar, goge ta.

Wani ya kira ni ya ce daga banki yake, wai in karanto masa lambar da ta shigo wayata.

Ɓarawo ne. Kashe wayar. Kullum sai na faɗi wannan a shago, kullum sai an samu wanda ya karanta. Babu ma'aikacin bankin da ke neman PIN ko OTP ɗinka, ko da ya kira cikakken sunanka da ranar haihuwarka.

In kamfanin ya rushe fa, kuɗina sun tafi ke nan?

Kwantar da hankalinka. Tun 2024 NDIC na biyan mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna irin su Kuda da Moniepoint. Amma wannan na rushewar banki ne kawai. In kai ka miƙa PIN da bakinka, NDIC ba ruwanta.

Mahaifiyata tana ƙauye wajen Soba, ba ta da asusu, ba ta karatun boko. Duk wata ina tura dubu 40. In tura wa mai POS na garin, ko ƙanena, ko in buɗe mata nata?

To ɗan'uwa, wannan ita ce tambayar da ya kamata a riƙa yi mini, kuma amsarta ba ɗaya ba ce.

Fara da lissafi. A jadawalin CBN da ya fara aiki a 2020, tiransifa daga banki zuwa wani banki naira 10 ce in kuɗin bai wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 in ya haura. Da harajin kashi 7.5, dubu 40 ɗinka za ta ci naira 26.88. Sai harajin gwamnati na naira 50 da ke hawa kan duk kuɗin da ya kai 10,000, wanda tun ƙarshen 2024 ya shafi har masu OPay da ire-irenta. Duka-duka bai kai naira 77 ba. In manhajarka na ba da tiransifa kyauta, 26.88 ɗin ce ta sauka, hamsin tana nan. A kan wannan 'yar naira ashirin da wani abu mutane suke cika ni da gardamar wacce ta fi araha.

Kuɗin gaske a can wajen cirewa yake tafiya. A ce mai POS na garinku yana karɓar naira 100 a kowace dubu biyar, ka ga 800 ta fita daga dubu 40. In shi kaɗai ne a garin, kuma sai ya hau babur zuwa Zariya kafin ya samo tsabar kuɗi, yana iya cewa 200, wato 1,600. Ba na cewa ya yi zalunci, don na san yadda muke wahalar neman tsaba, wanda ya ga farkon 2023 ma ya sani. Amma ka kira ka tambayi cajinsa kafin ka tura, ka ɗora shi a sama, don Inna ta karɓi dubu 40 ɗinta cif.

Tura wa mai POS kai tsaye yana da sauƙi, kuma in mutumin kirki ne da kowa ya san gidansu ana iya shekaru ba matsala. Illarsa ita ce da zarar kuɗin ya shiga asusunsa, a idon banki nasa ne. In ya ce alat bai shigo ba, ko ya ce yau babu tsaba sai ranar kasuwa, tsohuwa ce za ta yi ta sintiri. In dole sai ta nan, ka tura a lokacin da take tsaye a gabansa, ka rubuta sunanta a gurbin bayani, ka aje rasit, kada ka katse kiran sai ta ƙirga.

Ƙanenka kuwa kai ka fi ni saninsa. Abin da nake gani dai shi ne, yaro ba ya niyyar cin amana, amma kuɗin Inna da nasa suna zaune a wuri ɗaya, ya sayi data, ya ranta wa aboki, sai a zo cirewa a tarar da dubu 33. Daga nan zumunci ya fara tsami.

Ni da za a bi tawa, a buɗe mata nata, da sharaɗi uku. Na farko ta kasance tana da NIN ko BVN, domin yanzu ba a barin asusu ya yi aiki babu ɗayansu. Na biyu layin wayar ya zama da sunanta aka yi masa rajista, kuma a riƙa sa masa kati ana kira, saboda a OPay da PalmPay lambar wayar ce lambar asusu in an cire sifirin farko, layin da aka daɗe ba a taɓa ba kuma kamfani na iya sayar wa wani. Na ukun shi ne mai wuya: PIN. In ba za ta iya danna shi da kanta ba, sai ta miƙa kati ta faɗa wa mai POS lambar a gaban jama'a, to asusun bai kare ta daga komai ba, ƙila ma gara ƙanen naka. Nan ne ba zan iya yanke maka ba. In tana gane lambobi a ƙaramar wayarta, zauna da ita ranar da ka je gida ku yi ta gwadawa har hannunta ya saba. Ka kuma sani asusun matakin farko yana da iyaka, dubu 50 a rana, ajiya kuma ba ta wuce dubu 300, don haka kuɗin taki ko na biki ba zai shiga ba sai an ɗaga matakin.

Ko a ina ka tsaya, tambayi wane layi ke da sabis a garin kafin ka zaɓi manhaja.

In raba kuɗin gida huɗu ya fi sauƙi?

A'a. Dubu goma sau huɗu ta banki ya haura naira 300, a dunƙule kuma bai kai 77 ba.

An cire mini kuɗi, can kuma bai shiga ba.

Hajiya, kada ki sake turawa, nan ne mutane ke biya sau biyu. Yawanci yana dawowa da kansa. Buɗe rasit ɗin ki kwafi Session ID, ki kai ƙorafi ta cikin manhajar ko reshen banki, ki karɓi lambar ƙorafin. In mako biyu ya wuce ba su warware ba, ki kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa na CBN da wannan lambar. Kuma don Allah ki daina rubuta lambar wayarki a ƙarƙashin shafinsu na Facebook, masu kira daga nan ba ma'aikatansu ba ne.

Na tura wa wani daban bisa kuskure.

Sunan mai asusu yana fitowa kafin a danna PIN, me ya hana ka karanta? Je bankinka yau. In mutumin ya ƙi amincewa a mayar, sai da takardar kotu.

An sace wayata a Kasuwar Barci.

Asusu za ka fara rufewa, kafin ma ka je neman sabon layi. Ari wayar kowa ka danna lambar rufewa ta bankinka, na Access `*901*911#`, na Zenith `*966*911#`. Sauran ku nemi ta bankinku yau, ku rubuta a takarda ku sa a aljihu.