Tambayoyin da kuke ta turo min kan jerin zaɓi a Excel

Malam, a ina ake saka ɗan jerin nan mai kibiya?

Zaɓi duka layin da za ka cike daga sama har ƙasa, shiga Données, sai Validation des données, a wajen Autoriser ka ɗauki Liste. Shikenan. Na faɗa ya fi sau nawa.

Na rubuta garuruwana huɗu a Source, sun fito a haɗe wuri ɗaya.

Waƙafi ka sa. Yawancin na'urorinmu nan Garwa da Marwa a saitin Faransanci suke, `;` suke so:

```
Garoua;Maroua;Kousseri;Ngaoundéré
```

In sunayen na da yawa fa?

Kar ka cusa su a Source, harafi 255 kawai yake ɗauka. Jera su a wani shafi ka nuna masa `=Feuil2!$A$2:$A$30`.

Yaya, na saka jerin amma har yanzu lissafina bai cika ba, ko abin ba ya aiki ne?

Yana aiki ƙanwata, kwantar da hankalinki, sai dai ya danganta da ta inda kuskuren ya shigo. Jerin nan abin da aka buga da hannu bayan an saka shi kaɗai yake tarewa, tsohon rubutu ba ruwansa da shi. Akwai wani mai sayar da hatsi da na duba wa, ya kai buhu 40 na masara Garwa amma SOMME.SI na ba shi 33, ashe yaron shagonsa ya rubuta Garwa a layi biyu, a wani layin kuma Garoua ne amma da ɗan fili a ƙarshe wanda ido ba ya gani, buhu 7 suka maƙale a nan. Ki danna ƙaramar kibiyar da ke gefen Validation des données ki zaɓi Entourer les données non valides, zai zagaye miki su da ja, ki gyara ɗaya bayan ɗaya.

In ba wannan ba ne to mai yiwuwa kwafi ne, kuma shi ya fi ɓata min rai wallahi. Mutum ya kwaso daga wani fayil ya manna da Ctrl+V, ya share jerin gaba ɗaya, Excel ko uffan ba zai ce ba. Alamarsa, ki danna gidan ki ga babu kibiya. Collage spécial da Valeurs yana barin jerin a wurinsa, amma fa ba ya duba abin da aka manna, don haka a sake zagayewa da ja bayan kowane manni. Ki kuma leƙa Alerte d'erreur, in a kan Avertissement yake ai tambaya kawai yake yi, yaro ya danna Oui ya wuce abinsa.

Na ƙara sabon gari a ƙasa bai fito ba.

Ka wuce A30 ne. Koma Source ka ƙara lambar, kuma don Allah ku riƙa dubawa kafin ku kira ni.