Waƙar barkwanci a bikin 'yar'uwa

Waƙar barkwanci ta bikin 'yar'uwa rubutacciyar waƙa ce gajera wadda wa, ko ƙane, ko yaya, ko ƙanwar amarya ke tsarawa don karantawa a gaban mahalarta biki, galibi a wajen walima, ko kamu, ko liyafar dare da ake kira dina. Ta bambanta da waƙar makaɗan biki, domin ba kiɗa take bi ba, kuma ba don liƙi ake yin ta ba. Ta bambanta da nasihar da iyaye ke yi wa amarya daren kai ta ɗakinta, domin ita tana neman dariya kafin ta nemi hawaye. Abin da ya sa ta zama ta daban shi ne mai karanta ta ya tashi gida ɗaya da amarya, ya san abin da baƙi ba su sani ba, kuma dole ya zaɓi abin da zai faɗa a gaban surukai.

Wanda ya halatta ya yi zolaya

Hausawa suna da ƙa'idar wanda ake wasa da shi. Jika yana wasa da kaka, taubasai suna wasa da juna, ƙanin miji yana tsokanar matar wansa, ƙanwar mata kuma tana tsokanar mijin yayarta. Wannan ƙa'ida ita ke yanke yadda waƙar za ta kasance. Idan ƙanwa ce ko ƙane ke karantawa, ƙofa a buɗe take: za su zolayi amarya, su zolayi ango, har su nemi tukwici a bainar jama'a ba wanda zai ga laifinsu. Idan babban wa ne, matsayinsa ya kusa da na uba, wani lokaci ma shi ne waliyyi, saboda haka tsakaninsa da ango akwai kunya. Shi zolayarsa ta tsaya kan ƙanwarsa tun tana ƙarama, ango kuwa sai yabo da damƙa amana.

Akwai kuma wasan garuruwa da ƙabilu, kamar na Kanawa da Zagezagi, ko na Fulani da Barebari. Idan auren ya haɗa irin waɗannan, ɗango ɗaya kan wasan, wato layi ɗaya na waƙar, yakan tada dariyar zaure baki ɗaya, domin dattawan ɓangarorin biyu sun san abin gado ne. Iyayen ango da na amarya dai ba sa shiga zolaya ko kaɗan. Gaisuwa da addu'a ne rabonsu.

Ginin waƙar

Rubutacciyar waƙar Hausa tana tafiya ne baiti-baiti, kowane baiti da ɗangwayensa. Mai ɗango biyu ita ce ƙwar biyu, mai huɗu ƙwar huɗu, mai biyar ƙwar biyar. Ƙwar huɗu ta fi dacewa da barkwanci: ɗangwaye uku na farko suna da amsa-amo guda, wanda ake kira ƙaramin amsa-amo kuma yana canjawa daga baiti zuwa baiti, na huɗu kuma yana ɗauke da babban amsa-amo wanda ba ya canjawa har ƙarshen waƙa. Ukun farko suna shimfiɗa labari, na huɗu ya kada shi. Kunnen mai sauraro yana jiran wannan sautin da ya saba, shi ya sa ake ajiye kalmar ban dariya a can.

Tun kafin a rubuta ɗango ko ɗaya ake zaɓen babban amsa-amo, a jera kalmomin da ke ƙarewa da shi. Gaɓar "ya" tana da wadata a wannan fage: Yaya, amarya, kunya, dariya, tukunya, tsintsiya, zuciya, lafiya, hanya, gaskiya. Wanda ya zaɓi gaɓar da kalmominta ba su wuce biyar ba, zai maƙale a baiti na shida, ya fara cusa kalmar da ba ta da alaƙa da zancen, kuma masu sauraro suna jin cushen nan take.

Sai kari. Gaɓar Hausa ko dai mai nauyi ce ko marar nauyi: mai gajeren wasali kaɗai ba ta da nauyi, mai dogon wasali ko wadda ta rufe da baƙi tana da nauyi. Kalmar "amarya" misali ce mai kyau, gaɓa marar nauyi sannan masu nauyi biyu. Marubutan da suka ƙware suna auna ɗangwayensu da karuruwan aruli da aka aro daga Larabci. Waƙar biki ba ta buƙatar wannan tsanani, amma tana buƙatar ɗangwaye masu tsawo ɗaya, gaɓa tara zuwa goma sha ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: a karanta da ƙarfi ana buga yatsa a tebur. Inda harshe ya yi gudu don ya cim ma bugun, gaɓa ta yi yawa.

Baiti 10 zuwa 12 sun wadatar. Baitin ƙwar huɗu yana cin wajen daƙiƙa 15, idan aka haɗa da jiran dariya ya kai 20, wato waƙar duka ba ta wuce minti huɗu ba. Bayan haka hankalin zaure ya koma kan abinci da masu hoto.

Misali daga bakin ƙanwa

A ɗauka ƙanwa ce za ta karanta wa yayarta a walima. Buɗewa tana bin al'adar rubutacciyar waƙa, sunan Allah da salati, amma a baiti ɗaya tak, ɗango na huɗu kuma ya sanar da jama'a cewa wasa ke tafe:

Da sunan Allah nake farawa,
Salati ga Manzo ba yankewa,
Iyaye da baƙi ga gaisuwa,
A yau zan tona asirin Yaya.

Kowane ɗango gaɓa goma ne. "Tona asiri" yana sa kowa ya kasa kunne, amarya kuma ta sunkuyar da kai tana murmushi, alhali asirin da za a tona ba mai cutarwa ba ne:

In an ce yau ranar wanke-wanke,
Nan take za ta ce barci take,
Da an soya nama tana farke,
Ta riga kowa gaban tukunya.

Baitin yana aiki ne domin ya nuna abu guda da ido ke gani. Da an ce "Yaya tana da wayo", ba wanda zai yi dariya. Sai dai a nan ne kuma haɗarin waƙar yake. Dangin ango suna zaune, cikinsu da uwar miji da ƙannensa, kuma zancen gudun aiki abu ne da za a iya ajiyewa a ciro shi ranar da aka sami saɓani. Don haka wajibi ne baitin da ya gabace shi ya kafa cewa zamanin ƙuruciya ake magana, tana 'yar shekara tara ko goma, wanda ya biyo shi kuma ya biya bashin nan take:

Yau ko girkinta ba a magana,
Ango ka dace, ka ji batuna,
Mun ba ka ita bisa amana,
Tukwicina kaza guda ɗaya.

Dariyar ta tashi daga kan amarya ta koma kan mai karatu da kwaɗayinta, an yabi amarya a gaban surukanta, an kuma taɓa ango da irin wasan da al'ada ta yarje wa ƙanwar mata.

Wajen kashi biyu cikin uku na waƙar ya tafi a irin wannan raha. Daga nan murya ta sauka. Juyin ba ya son kalmomin yabo masu girma. Abu ɗaya da ya faru da gaske ya fi su ƙarfi:

Ranar da zazzaɓi ya kama ni,
Ke kika kwana kina duba ni,
Gobe da safe wa zai tashe ni?
Ɗakinmu zai yi min faɗi, Yaya.

A lura cewa mai karatu ta daina cewa "ita" ta koma "ke". Wannan sauyi kaɗai yana sanar da zaure cewa wasa ya ƙare. Baiti biyu irin wannan sun isa, domin amarya dama tana dab da kuka, kuma idan mai karatu ita ma ta rushe, waƙar ba za ta kai ƙarshe ba. Baitin rufewa addu'a ce ta zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, wadda jama'a za su amsa da amin, mata su rangaɗa guɗa.

Inda zolaya ke zama habaici

Ma'aunin shi ne: labarin da amarya da kanta take bayarwa tana dariya, shi ke shiga waƙa. Samarin da suka nema a baya, daɗewa ba a yi aure ba, jiki ko launin fata, yawan lefe da sadaki, faɗuwa jarabawa, da rashin lafiyar da ake ɓoyewa duk ba sa shiga. Idan gidan da uwargida, ba a kwatanta, ba a kuma jefa kirarin "amarya kin ci gida", domin a kunnen uwargida da danginta habaici ne tsantsa. Alamar cewa ɗango ya zarce iyaka a bayyane take: matasa su yi dariya, layin iyaye mata ya yi tsit. Hanyar kauce wa haka ita ce a karanta wa wata gwaggo ko inna waƙar kwana biyu kafin biki, a cire duk abin da ta ɗaure fuska a kansa.

Wata matsalar ita ce wasan cikin gida. Laƙabin da 'yan ɗaki huɗu kaɗai suka san asalinsa zai bar sauran jama'a suna kallon juna, sai dai idan ɗango ɗaya zai iya bayyana shi.

Karantawa

A rubuta waƙar da manyan haruffa a takarda, baiti uku a shafi, maimakon karantawa daga waya, wadda allonta kan mutu ko kira ya shigo. A shirya da mai gabatarwa a kashe kiɗa gaba ɗaya, a kuma nemi lokaci kafin a fara rabon abinci. Makirfo ya tsaya kamar faɗin tafin hannu daga baki. A ɗan dakata kafin ɗango na huɗu, a faɗe shi a sarari, sannan a yi shiru har dariya ta fara lafawa. Wanda ya ci gaba cikin hayaniya ya zubar da ɗangon farko na baiti na gaba, kuma da shi ake gane sauran. A baitocin raha ana duban jama'a, a na ango a dube shi, a baitocin ƙarshe kuma a juya ga amarya.