Wasiƙar ɗakin karatu ga sabbin ɗalibai kan binciken mujallun ilimi

Wasiƙar ɗakin karatu ga sabbin ɗalibai takarda ce da mai kula da ɗakin karatun jami'a kan rubuta wa ƴan shekarar farko, don ya nuna musu yadda ake nemo maƙala a rumbunan mujallun ilimi na intanet. Galibi ba ta wuce shafi ɗaya ko biyu. Rumbun mujallu a nan yana nufin ma'ajiyar da ke tara sunan maƙala, marubutanta, mujallar da ta fito a ciki, shekara da taƙaitawarta, wani lokaci har da cikakken rubutun. A gari kamar Maraɗi, inda Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo take koyar da aikin gona, kimiyya da kiwon lafiya, irin wannan wasiƙa tana da aikin da ya fi na sauran wurare nauyi: ɗalibi yana tunani da Hausa, yana karatu da Faransanci, amma yawancin maƙalun kimiyya da Ingilishi aka rubuta su.

Rumbunan da ake ambata

Wasiƙar kan fara da inda za a shiga. PubMed, na ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka, kyauta ne kuma shi ne na ɗaliban lafiya. AGRIS na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na ɗaliban noma ne. AJOL yana tara mujallun da ake bugawa a Afirka, HAL kuma ma'ajiyar Faransa ce inda ake samun maƙalu da kundayen digirin dakta da Faransanci. Akwai kuma shirin Research4Life, mai buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun da ake biya, wanda ya haɗa Hinari na lafiya da aka fara a 2002 da AGORA na noma da aka fara a 2003. Nijar tana cikin ƙasashen da cibiyoyinsu ke shiga shirin ba da kuɗi ba, amma sai cibiyar ta yi rajista, kuma kalmar sirrin tana hannun ɗakin karatu. Google Scholar, da ya fito a 2004, shi ne ɗalibai suka fi sani, ko da yake ba ya tantance abin da yake kwasowa kamar sauran.

Zuciyar wasiƙar: mayar da tambaya kalmomi

Kuskuren da wasiƙar ta fi tsayawa a kai shi ne rubuta tambaya ɗungurungum a akwatin bincike, kamar mai yi wa malami magana. Rumbu ba ya jin tambaya, haruffa yake dubawa. Galibi abin da ka buga shi zai nema, abin da ba ka buga ba kuwa ko yana gabansa ba zai kawo ba.

A ɗauki ɗalibar noma da aka ba aiki kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero, wadda manoma ke kira murzuna. Ta san ta tun tana ƙarama, ta ga layin da take bari yana kewaye zangarniya kamar an murɗa igiya. Amma in ta buga wannan suna ba za ta samu abin kirki ba. Sai ta raba tambayar gida uku: ƙwaron, shukar, da wurin. Kowane gida ta nema masa sunayensa duka. Ƙwaron a Faransanci `mineuse de l'épi du mil` ne, a Ingilishi `millet head miner`, a sunan kimiyya `Heliocheilus albipunctella`. Tsofaffin maƙalu kuma suna kiransa `Raghuva albipunctella`, don haka wanda bai san tsohon sunan ba zai rasa ayyukan da aka yi bayan farin shekarun 1970, lokacin da tsutsar ta fara ɓarna mai yawa a Sahel. Gero ma haka yake: `pearl millet`, `Pennisetum glaucum`, daga baya kuma `Cenchrus americanus`. Kalmar `millet` ita kaɗai tana jawo tamba da wasu hatsin da ba gero ba.

Ana haɗa gidajen da ƙananan kalmomi uku da ake rubutawa da manyan baƙaƙe. `OR` tana tara sunayen abu guda, sakamako ya ƙaru. `AND` tana cewa dole a samu wannan da wancan tare, sakamako ya ragu. `NOT` tana korewa. Alamar zance tana riƙe kalmomi biyu ko uku a matsayin suna ɗaya, baka kuma tana killace kowane gida:

```
("millet head miner" OR "Heliocheilus albipunctella" OR Raghuva)
AND ("pearl millet" OR "Pennisetum glaucum" OR "Cenchrus americanus")
AND (Niger OR Sahel)
```

In aka manta baka, rumbu kamar PubMed yana karanta umarnin daga hagu zuwa dama, sai lissafin ya koma wani abu dabam ba tare da ya yi gargaɗi ba.

Tarkon sunan Nijar

Wannan wuri ne da wasiƙar da aka rubuta a wata ƙasa ba za ta taɓa ba. Kalmar `Niger` a rumbu ba ƙasar Nijar kaɗai ba ce. Tana kawo kogin Kwara, yankin Neja Delta da jihar Neja ta Najeriya, sannan ga `Aspergillus niger`, wani nau'in funfuna da aka yi rubutu mai yawan gaske a kansa. Ɗalibin da ya haɗa `Niger` da gyaɗa, ya ga shafin farko cike da maganar funfuna, to nan matsalar take. Alamar tauraro, wadda ke cike ƙarshen kalma, tana ƙara dagula lamarin, domin `Niger*` tana haɗiye duk abin da aka rubuta kan Najeriya. Ana iya korar funfunar da `NOT Aspergillus`, sai dai `NOT` wuƙa ce mai kaifi biyu: maƙalar da ta yi magana kan gyaɗar Nijar da funfunar tare, ita ma ta tafi. Abin da ya fi aminci shi ne ƙara sunayen wurare, kamar `Maradi`, `Zinder` ko `Tahoua`, da rubutun da ke kan taswira, ba Maraɗi mai ƙugiya ba.

Karanta sakamako

Yawan sakamako shi ke nuna inda aka kauce. Dubbai na nufin gida ɗaya ya yi faɗi, sai a ƙara `AND` ko a taƙaita binciken ga taken maƙala da taƙaitawarta. Sifili ko biyu kuwa galibi kuskuren harafi ne a sunan kimiyya, ko an tara `AND` da yawa, sai a cire gidan wuri tukuna. A misalin murzuna, ɗalibar za ta ga suna ɗaya yana ta maimaituwa a taƙaitawa, `Habrobracon hebetor`, wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kama da zanzaro da ake saki a gonaki ya kashe tsutsar, aikin da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, a Maraɗi suka daɗe a kansa. Wannan sunan ya zama kalmar bincikenta na biyu. Ba duk rumbuna ne ke bin ƙa'ida ɗaya ba: Google Scholar ba ya aiki da tauraro wajen cike kalma, kuma alamar `-` yake amfani da ita a madadin `NOT`.

Samun cikakken rubutu

Ganin maƙala a rumbu ba samunta ba ne. Idan shafin mujalla ya nemi kuɗi, wasiƙar kan ce kada a biya: a sake shiga ta Research4Life, ko a duba ko marubucin ya ajiye kwafi a HAL, ko a kawo wa ɗakin karatu lambar DOI, wadda kullum take farawa da `10.` kuma ita ce shaidar maƙalar ta dindindin. Inda intanet ke yankewa, ana shawartar ɗalibi ya sauke PDF nan take, ya rubuta a littafinsa kalmomin da ya buga, sunan rumbun da ranar da ya yi binciken, domin malami kan tambaya, kuma bayan mako biyu ba a cika tunawa ba.