Wasiƙar ƙorafi ga edita kan zuzuta labarin iftila'i

Wasiƙar ƙorafi ga edita ita ce wadda mai karatu ke aika wa jarida don nuna rashin jin daɗinsa da yadda ta ba da labarin wani iftila'i, kamar gobara, haɗarin mota ko rikici. Mai wasiƙar ba ya musun cewa abin ya faru. Ƙorafinsa shi ne an ƙara wa labarin gishiri, ko an keta mutuncin mamata da iyalansu don jarida ta shiga kasuwa.

A Legas ne manyan jaridu irin su Vanguard, The Guardian da The Sun suke da hedikwata, kuma duk da Turanci suke fitowa. Saboda haka Bahaushen Agege, Idi-Araba ko Mile 12 da labari ya sosa wa rai, da Turanci zai rubuta, ko ya nemi wanda zai rubuta masa. Birnin ya ga iftila'in da ya cika shafukan farko. Akwai fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja ranar 27 ga Janairun 2002, inda mutum fiye da 1,000 suka rasu, akasarinsu a magudanar ruwa ta Oke-Afa wajen gudun ceton rai. Akwai kuma faɗuwar jirgin Dana a Iju-Ishaga ranar 3 ga Yunin 2012.

Madogarar mai ƙorafi ita ce kundin ɗa'ar aikin jarida da aka amince da shi a Ilorin a 1998. Kundin ya hana baje munanan hotuna ko bayanan tashin hankali, ya ce a tunkari wanda ke cikin alhini da tausayi da taka-tsantsan, ya kuma hana ambaton ƙabila ko addinin mutum ta hanyar ƙasƙanci. Ya wajabta gyara kuskure da ba wanda aka taɓa damar mayar da martani. Batun ƙabila ya fi taɓa Hausawan Legas, domin a rikici irin na kasuwar Mile 12 a Maris na 2016, kanun labarin da ya kira faɗan unguwa yaƙin ƙabila biyu yana iya kai wutar wata unguwar da ba ruwanta.

A ɗauki misali. Tankar mai ta kama da wuta a hanyar Legas zuwa Ibadan, cikin mamatan akwai wani ɗan dako. Washegari wata jarida ta buga hoton gawarsa, fuska a buɗe, da kanu mai cewa sama da mutum 50 sun ƙone ƙurmus, alhali a cikin labarin an ce hukumar agajin gaggawa ta jihar, LASEMA, ta tabbatar da bakwai. Yayan ɗan dakon, mai sayar da albasa, a wayar maƙwabci ya fara ganin ƙaninsa, tun kafin a yi masa sutura, tun kafin a sanar da mahaifiyarsu a gida.

Wasiƙar da za ta yi tasiri a nan tana farawa da ranar fitowar labarin, shafinsa da kanunsa kalma da kalma. Daga nan sai ta raba laifin gida biyu, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Adadin 50 kuskure ne da jaridar ta ƙaryata da bakinta, kuma abin nema shi ne gyara a fili. Hoton kuwa gaskiya ne, ba abin da za a gyara a cikinsa. Abin nema shi ne a cire shi daga shafin intanet na jaridar, a ba iyali haƙuri. Sai ta bayyana illar a jimla biyu ko uku, misali: "Malam Edita, Musulmi kan rufe mamacinsa ya gaggauta kai shi makwanci. Jaridarka ta yaye shi a gaban duniya." A ƙarshe mai wasiƙa ya sa cikakken sunansa da adireshi, domin editoci ba su cika buga wasiƙar da ba a san mai ita ba.

Galibin irin waɗannan wasiƙu fushi ne ke kashe su. Wanda ya cika shafi biyu da cewa 'yan jaridar Kudu sun tsani Arewa bai ba edita abin da zai bincika ba, ya ma sauƙaƙa masa jefa takardar a kwandon shara. Wanda kuma ya zargi wakili da karɓar na goro ba tare da hujja ba, shi ma ya yi ɓatanci, kuma jarida ba za ta buga ba don tsoron shari'a. Jinkiri ma matsala ne: bayan mako guda labarin ya kwanta.

Edita yana da ikon taƙaita wasiƙa ko ƙin buga ta. Idan ya yi shiru, ana iya kai kuka Majalisar 'Yan Jarida ta Najeriya, wadda aka kafa a 1992, ko hukumar NBC mai kula da kafofin watsa labarai idan rediyo ko talabijin ne. Sai dai gyara kan fito ƙarami a shafin ciki, kuma hoton da ya riga ya shiga WhatsApp ya fita daga hannun editan.