Take, kirari da kan talla: bambancinsu da inda kowanne ya dace a kamfe

Take, kirari da kan talla gajerun maganganu ne guda uku da ake amfani da su a harkar talla. Masu sana'ar sukan kira su da sunayen aro, wato silogan, taglayin da hedlayin. Saboda dukansu gajeru ne, kuma sau da yawa da manyan haruffa ake rubuta su, mutane da dama suna ɗaukarsu abu ɗaya. Ko a cikin kamfanonin talla ana cuɗanya silogan da taglayin a baka, har akwai ƙasashen da ake kiransu da wasu sunaye na daban. Abin da ya raba su ba tsawo ba ne, ba kuma daɗin furuci ba. Tambayoyi biyu ne: maganar ta wane ce, kuma har yaushe za ta rayu? Kirari na kamfani ne, yana tare da shi shekara da shekaru. Take na kamfe ɗaya ne, idan kamfen ya ƙare shi ma ya ƙare. Kan talla kuwa na talla guda ne, wani lokaci ko mako ba ya yi.

Kirari

Kirari shi ne 'yar jimlar da ke bin sunan kamfani ko tambarinsa, yawanci a ƙasan talla ko a daƙiƙun ƙarshe na bidiyo. Ba ya sayar da wani kaya takamaimai. Aikinsa ya faɗi ko wane ne mai sunan da irin halin da yake so a san shi da shi. Shi ya sa ba a sa farashi, kwanan wata ko sunan sabon samfuri a cikinsa, domin duk waɗannan suna tsufa.

Kamfanin lu'ulu'u na De Beers ya samu nasa a 1947, lokacin da Frances Gerety, marubuciyar talla a kamfanin N. W. Ayer na Filadelfiya, ta rubuta jimlar da ke nufin "lu'ulu'u na har abada ne". A 1999 mujallar Advertising Age ta zaɓe ta a matsayin wadda ta fi kowace a ƙarni na 20. Nike kuma tun 1988 yake riƙe da kalmominsa uku na Ingilishi masu ma'anar "kai dai ka yi kawai", waɗanda Dan Wieden ya tsara. Babu takalmi a cikin wannan jimla, babu riga, babu ƙwallo. Wannan rashin ne ƙarfinta: ta hau kan duk abin da kamfanin ya fito da shi daga baya ba tare da ta takura shi ba.

Kirari maimaici ne ke gina shi. Ranar da aka fara buga shi ba shi da wani nauyi, sai an yi ta jinsa tare da sunan har mutum ya kasa raba su. Don haka kamfanin da ke sauya kirari duk shekara kamar mai haƙa rijiya ne yana barinta kafin ya kai ga ruwa. Akwai dai lokacin da sauyin ke zama dole, wato sa'ad da kirarin ya daina dacewa da gaskiyar kamfanin. Volkswagen ya ɗauki kirarin Jamusanci mai nufin "motar" a 2007, kamar dai a ce idan ana maganar mota shi ake nufi. A ƙarshen 2015, bayan badaƙalar maguɗin gwajin hayaƙin injinan dizal, ya ajiye shi, domin irin wannan bugun ƙirji bai dace da mai neman afuwa ba.

Take

Kalmar silogan ta fito ne daga harshen Gelik na Sukotland, inda asalinta ke nufin kururuwar mayaƙa. Har yanzu wannan ɗabi'a tana jikinta. Take kira ne zuwa ga wani abu da ake so a yi yanzu: a gwada sabon kaya, a fito zaɓe, a yi rigakafi, a ba da gudummawa. Shi ne zaren da ke ɗinke tallace-tallacen kamfe ɗaya, ta yadda wanda ya ji na rediyo da safe, ya ga allon titi da rana, zai gane magana ɗaya ake masa.

A siyasa aka fi ganinsa a fili, domin kamfen zaɓe yana da ranar ƙarewa. Magoya bayan Dwight Eisenhower, wanda ake wa laƙabi da Ike, a zaɓen shugaban Amurka na 1952 suna da nasu mai nufin "ina son Ike", na Barack Obama a 2008 kuma "ƙwarai, za mu iya". Dukansu taro na iya rera su da murya ɗaya, kuma wannan gwaji ne mai kyau ga kowane take: idan bai zauna a bakin mutane ba, bai yi ba.

Take da kirari suna iya zama a talla ɗaya ba tare da sun yi karo ba. A 2011 Coca-Cola ya fara wani kamfe a Ostireliya inda aka buga sunayen mutane a jikin kwalabe, da take mai kiran mutum ya sha tare da wani. A wannan lokacin kirarin kamfanin, mai nufin "buɗe farin ciki", wanda ya ɗauka a 2009, yana nan a matsayinsa.

Kan talla

Kan talla shi ne layin da ido ke fara faɗawa a kai, kamar yadda kanun labarai suke a jarida. Ba a rubuta shi don a haddace ba. Aikinsa ya tsayar da mai wucewa, ya ja shi zuwa layi na gaba ko, idan a intanet ne, ya sa ya latsa tallar. David Ogilvy, ɗaya daga fitattun masu talla na ƙarni na 20, yakan ce masu karanta kan talla sun ninka masu karanta bayanin da ke ƙasa sau biyar. Ko da adadin ya bambanta daga wata kafa zuwa wata, ma'anar a fili take: yawancin mutane a layin farko suke tsayawa.

Saboda haka kan talla ya fi sauran biyun 'yancin ɗaukar lamba da suna da bayani. Wanda Ogilvy ya rubuta wa Rolls-Royce a 1958 ya haura kalmomi 15, yana cewa idan sabuwar motar tana gudun mil 60 a awa, ƙarar da ta fi kowace tashi a cikinta ita ce ta agogon lantarki. Babu mai iya rera wannan a taro, kuma ba zai shiga ƙarƙashin tambari ba, amma ya nuna shirun motar fiye da a ce "mota mai inganci". Kafar da za a buga tallar ita ke yanke tsawonsa. A tallar bincike ta Google, misali, kowane kai ba ya wuce haruffa 30, kuma ana iya ba da har guda 15 don na'ura ta riƙa jujjuya su.

Inda iyakokin ke gogewa

Rabe-raben nan na aiki ne, ba na jinsin jimla ba, don haka jimla ɗaya tana iya tashi daga wannan kujera ta koma waccan. Kamfanin hayar motoci na Avis shi ne misalin da aka fi kawowa. A 1962 yana bayan Hertz a kasuwar Amurka, sai kamfanin talla na Doyle Dane Bernbach ya gina masa kamfe a kan wannan matsayi na biyu. Kanun tallace-tallacen sun riƙa sauyawa, suna amsa cewa Avis na biyu ne, suna tambayar to don me za a zo wurinsa. Amsar kullum ɗaya ce: "mun fi ƙoƙari". Take ne na kamfe, amma ya kama bakin jama'a har ya zama kirarin kamfanin, ba a ajiye shi ba sai 2012, bayan shekara 50. Irin wannan hawa a kan gano shi ne bayan ya faru. Da wuya a tsara shi tun daga teburin rubutu.

Yadda ake zaɓa a aikace

A ɗauka akwai wani kamfani mai ƙera fitilun sola, ya fito da sabuwar fitila da ke kai awa 12 bayan cajin yini ɗaya, kuma zai yi kamfe na wata uku. Kirarinsa tun kafuwarsa shi ne "Haske abin dogaro". Matakin farko shi ne a bar kirarin nan yadda yake. Sabon kaya ba dalilin sabon kirari ba ne, kuma idan aka mayar da shi "Hasken awa 12", ranar da aka ƙera mai awa 20 ya zama abin kunya.

Sai a duba ko kamfen yana buƙatar take. Tunda zai shiga rediyo, allunan titi da wayoyin mutane, kuma zai ɗauki watanni, yana buƙata. A ce an tsayar da "Dare bai hana ba". Jimlar a buɗe take, kowa zai iya ƙarasa ta da abin da ya dame shi, kuma daga nan kanun talla suke fitowa. Tallar da ake nufin ɗalibai da ita za ta iya ɗaukar "Karatu daga magariba har asuba da caji ɗaya". Ta masu sana'ar dare kuma "Awa 12 na haske, ba mai, ba batir ɗin saye". Kowace talla da nata kan, take ɗaya ne a ƙarƙashinsu duka, kirari kuma yana can gefen tambari da ƙananan haruffa.

Da a ce talla ɗaya tak kamfanin zai buga, ta sanar da rangwamen kwana uku, da ba a bukatar take ko kaɗan. Kan talla mai faɗin rangwamen da ranar ƙarewarsa ya wadatar. Cusa duka ukun da girma ɗaya a ƙaramin fili yana raba hankalin mai kallo, ya wuce bai riƙe ko ɗaya ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora kirari a mazaunin kan talla. Allon da babban rubutunsa "Haske abin dogaro" ne kawai bai ba wanda bai san kamfanin ba dalilin tsayawa. Ana gane matsalar da sauƙi: a rufe tambarin, a sa na abokin gasa. Idan jimlar ta zauna daram, to ba ta faɗi komai game da wannan kayan ba.

Ma'aunin kowanne ma daban ne. Kan talla ana gwada shi cikin kwanaki: a fitar da iri biyu ga rukuni biyu masu kama da juna, komai ɗaya ban da layin farko, a ƙirga wanda ya fi jawo latsawa ko kira. Take sai kamfe ya yi nisa ake tambayar mutane ko sun ji shi, kuma ko sun san na wane ne, domin yakan faru a haddace take amma a jingina shi ga abokin gasa, musamman idan shi ne babba a kasuwa. Kirari kuwa da binciken shekara-shekara ake bibiyarsa, kuma lissafin latsawa na mako guda ba ya nuna komai a kansa.