Shin Ƙwai Ne Ke Ɗaga Kwalastarol a Jini?

An daɗe ana tsoratar da mutane cewa duk kwalastarol ɗin da ke cikin ƙwai jini yake wucewa kai tsaye, amma ba haka jiki yake aiki ba. Hanta ce ke samar da mafi yawan kwalastarol, kuma idan wanda aka ci ya ƙaru, takan rage nata, shi ya sa ƙwai ɗaya a rana, duk da kimanin miligiram 186 da ke cikin gwaiduwarsa, ba ya ɗaga kwalastarol sosai a jinin yawancin masu lafiya. Abin da ya fi ɗaga mummunan kwalastarol, wato nau'in da ke taruwa yana toshe jijiyoyin jini, shi ne kitse mai daskarewa, irin na man shanu da nama mai maiƙo.

Sai dai mai ciwon zuciya ko ciwon suga, ko wanda ya gaji hauhawar kwalastarol, yana buƙatar taƙaitawa. Idan yana soya ƙwai 2 da man shanu kullum, ya koma dafaffen ƙwai, ya rage gwaiduwa, tunda farin ba shi da kwalastarol, sannan a maimaita gwajin jini bayan kimanin wata 3, ba tare da ya daina maganin da likita ya rubuta masa ba.